Gurbin da ba kowa: sifiri ko a cire shi daga lissafi?

Saura mako uku jarrabawa wata ɗalibata ta tsayar da ni a bakin aji, ta miƙo mini wayarta tana murmushi. "Malam, duba ka gani, 73 nake da shi." Na duba. A shafin makinta akwai 8 cikin 10 na asainmen ɗin farko, akwai 14 cikin 20 na tes, sai asainmen na biyu da ba a rubuta komai a gabansa ba, don ba ta kawo ba. A ƙasa kuwa na'ura ta rubuta mata 73.3 cikin ɗari. Ni kuma a littafin da ke cikin jakata 55 take da shi. Babu wanda ya yi kuskuren lissafi tsakanina da na'urar. Gurbin nan guda ɗaya ne kowannenmu ya yi wa fassara daban.

Kwas ɗin irin wanda aka saba ne a manyan makarantunmu. Aikin zango, wanda ɗalibai ke kira si'e, yana ɗauke da maki 40: asainmen biyu masu goma-goma da tes mai 20. Jarrabawa kuma 60. Daga 70 zuwa sama A ne, 60 zuwa 69 B, 50 zuwa 59 C. Yarinyar tana da maki 22 a hannu, wannan ba gardama. Abin tambaya shi ne, 22 cikin nawa? Na'ura ta ajiye aikin da ba a kawo ba a gefe, ta auna 22 da 30, wato abin da aka riga aka ba wa maki kaɗai, shi ya ba da 73.3. Ni na sa masa sifiri, na auna 22 da 40, na sami 55. Tazarar kusan maki 18, tsakanin A da C ke nan, alhali ba a ƙara mata ko rage mata rabin maki ba.

Cirewa daga lissafi yana da hujjarsa, kuma hujja ce mai ƙarfi. Maki an yi shi ne don ya nuna abin da ɗalibi ya sani. Aikin da ba a gani ba, ba a san abin da mai shi ya iya a kansa ba, sifiri kuwa yana cewa bai san komai ba, wanda sau da yawa ƙarya ne. Ga kuma nauyinsa. Ɗalibin da ya saba cin 80 a kowane aiki, idan ya ci haka sau huɗu ya rasa na biyar, matsakaicinsa ya sauko 64. Kafin ya koma 70 sai ya jera 80 sau bakwai a kan wannan sifiri guda, kuma kwas nawa ne ke da ayyuka takwas a zango? Wani masanin ilimi na Amurka, Douglas Reeves, ya yi rubutu a 2004 yana sukar sifiri a kan irin wannan dalili: a ma'aunin makarantunsu tazarar da ke tsakanin kowane mataki da na kusa da shi maki goma ce, amma duk abin da ya gaza 60 faɗuwa ne, don haka sifiri rami ne mai zurfin sittin. A wajenmu, inda makarantu da yawa ke ba da sakamakon ci daga 40 ko 45, ramin bai kai haka zurfi ba, amma rami ne dai.

Sai dai cirewa ba tsayawa tsakiya ba ne kamar yadda ake zato. Wanda ya cire aikin daga lissafi ya ba shi maki a ɓoye. Idan aka mayar da 22 cikin 30 zuwa ma'aunin 40, za a sami 29.3, ƙarin 7.3 ke nan a kan abin da yarinyar ta samu da guminta. Wato tamkar an rubuta mata 7.3 cikin 10 a asainmen ɗin da ba ta taɓa ba. A ajin nan akwai wani yaro da ya ci daidai da ita a aikin farko da tes, ya kuma zauna ya yi na biyun, bai fahimce shi sosai ba, ya sami 4. Nasa 26 cikin 40, wato 65. A fuskar waya wadda ba ta kawo ba tana gabansa da fiye da maki 8. Ɗalibai ba su daɗewa ba su gano irin wannan ba, kuma da zarar sun gano, wanda ya ji aiki ya yi masa tsauri zai ga rashin kawowa ya fi masa riba. Wannan kaɗai ya ishe ni ƙin amincewa da cirewa a matsayin hukuncin ƙarshe ga wanda ba shi da uzuri.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne lissafin da ɗalibi ke yi da kansa daren jarrabawa: nawa nake nema in tsira? Yarinyar B take so. Idan gurbin sifiri ne, lissafin ba wuya, a cire 22 daga 60, saura 38. Tana bukatar 38 cikin 60 na jarrabawa, kusan 63 cikin ɗari. Idan kuwa an yafe mata aikin da gaske, amsar ta rabu biyu, gwargwadon yadda malami ya tsara littafinsa. Wani malamin yakan bar si'e a kan nauyinsa na 40, ya ɗaga abin da ta samu zuwa 29.3, sai ta nemi 31 a jarrabawa. Wani kuma yakan cire goman daga jimillar kwas ɗin gaba ɗaya, ya auna komai da 90. Sittin cikin ɗari na 90 shi ne 54, a cire 22, saura 32. Ga amsa uku ga tambaya ɗaya: 38, 32 da 31. Ko a cikin yafewar ma akwai bambanci, don a hanya ta farko nauyin aikin da aka yafe yana komawa kan sauran si'e ne kaɗai, a ta biyu kuma jarrabawa ma tana ɗaukar rabonta.

Yanzu a ɗauka ta yarda da 73 ɗin wayarta, ta sa wa ranta 31, ta karkata ƙarfinta ga wani kwas da take jin tsoro, ta shiga jarrabawa ta ci 33. A lissafinta ta wuce da rara. Ranar da aka rufe littafi gurbin ya koma sifiri, 22 da 33 suka ba da 55, C ke nan. Kuma a wannan lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe. Da A take hari, tazarar ta fi ban tsoro, don a lissafin yafewa 41 take nema, a lissafin sifiri kuwa 48 cikin 60, wato 80 cikin ɗari, makin da ba kowa ke gani a jarrabawar ƙarshen zango ba.

Sifirin ma yana da nasa wajen ɓata lissafi, idan aka sa shi kafin lokacinsa. Malamin da ya umarci na'ura ta ɗauki kowane gurbi a matsayin sifiri tun tsakiyar zango, har jarrabawar da ba a yi ba za ta shiga, yarinyar ta ga 22 cikin 100. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma yana iya karya zuciyar yaron da bai san yadda aka yi lissafin ba. Matsalar ita ce gurbi ɗaya yana ɗaukar ma'ana uku. Ko lokacin aikin bai yi ba, ko malami bai gama dubawa ba. Ko an yafe saboda rashin lafiya ko rasuwa. Ko kuma wa'adi ya wuce ba a kawo ba. Na'ura ba ta san wanne ne ba sai an faɗa mata.

Akwai hanyar faɗa matan. A Moodle, wurin tsara rukunin maki akwai zaɓin da aka rubuta `Exclude empty grades`, idan yana kunne gurbi ba ya shiga lissafi. A Canvas ɗalibi na ganin akwatin `Calculate based only on graded assignments` a shafin makinsa, idan ya cire alamar zai ga jimillar da ta haɗa da abin da ba a ba wa maki ba, malami kuma yana rubuta `EX` a gurbin wanda ya yafe wa. Masu aiki da Excel su ma su kula, don `AVERAGE` yana tsallake ɗakin da ba komai amma yana ƙirga wanda aka rubuta 0 a ciki. Hanya mafi sauƙi ta gane wane lissafi ake yi maka ita ce ka tara makinka da hannu, ka raba shi da jimillar ayyukan da wa'adinsu ya wuce. Idan abin da ka samu ya gaza abin da ke fuskar waya, to an ajiye wani aiki a gefe, kuma yana nan yana jiranka.

Ni dai ga inda na tsaya bayan shekarun da na yi ina cika littafin maki. Aikin da lokacinsa bai yi ba, a bar shi waje. Wanda aka yafe da uzuri karɓaɓɓe, a cire shi a fili, a kuma gaya wa mai shi ta wace hanya aka cire, don ya san ko 31 yake nema ko 32. Wanda wa'adinsa ya wuce kuwa, a rubuta masa sifiri a ranar, ba a ƙarshen zango ba, amma a bar ƙofa a buɗe ya kawo a makare da ragin maki. Sifirin da ɗalibi ya gani saura mako biyar yana iya yin wani abu a kai. Wanda ya ɓuya a gurbi har ranar fitar sakamako shi ne yake cuta. Laifin abin da ya faru da yarinyar nan rabinsa nawa ne, don ni na bar gurbin haka tun da wa'adi ya wuce.

Muka zauna a bencin bakin ajin, na juya bayan takardar tes ɗinta na rubuta mata lissafin. Da ta ga 38 sai murmushin ya tafi. "Malam, yanzu ba abin da za a yi?" Na ce mata ƙa'idar kwas ɗin ta ba da dama a kawo aiki a makare a kan rabin maki. Idan ta yi shi kamar yadda ta yi na farko, 8 zai koma 4, makinta ya zama 26, abin da take nema ya sauko daga 38 zuwa 34. Ta karɓi takardar ta ninke, ta tambaye ni ko Litinin ta yi. Na ce ta yi, kafin sha biyu. Da na koma ofis na buɗe shafin ajin, na bi gurbi-gurbi ina rubuta sifiri a duk aikin da wa'adinsa ya wuce, na kuma aika wa kowa saƙo ya sake duba makinsa kafin ya lissafa abin da yake nema.