Saƙon da ya yanke a hanya

Wani mai hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano ya rubuta wa abokin cinikinsa na Zariya saƙo ta ƙaramar wayarsa. Ya fara da doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali, sannan ya ce: “Farin wake buhu dubu 95, jan wake dubu 110. Wanne zan ɗora maka?”

Abin da ya bayyana a wayar mutumin Zariya ya tsaya ne a kan “dubu 95”. Da ma jan wake yake nema, shi suka tattauna a makon jiya, sai ya ɗauka farashinsa ne ya sauka. Ya amsa: “Ɗoro ashirin.” Mai hatsi kuwa ya zaci mai araha ake so, ya sa 'yan dako suka loda farin wake buhu ashirin.

Sai da aka kwance bakin buhu a Zariya magana ta fito. Kuɗin motar mayarwa ya zama abin jayayya, kowa na nuna wayarsa.

Dalilin shi ne saƙon tes ɗaya haruffa 160 yake ɗauka. In ya wuce haka, waya kan raba shi gida biyu, kuma in sabis ya yi rauni, rabin na biyu kan makara. Haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ suna rage adadin zuwa 70. Shi ya sa gara a fara da sunan kaya da farashi, mai saye kuma ya maimaita sunan kayan a amsarsa kafin a kira direba.