Layukan da ke ƙasan fostar taro: yadda ake rubuta sanarwar da za ta kawo mutane

Duk ƙungiyar ma'aikata da za ta yi babban taronta na shekara, ta likitoci ce ko ta injiniyoyi ko ta akantoci, takan kashe kuɗi wajen mai zane ya haɗa mata fosta mai kyau, da hotunan manyan baƙi jere a kai. Ana gama wannan sai a miƙa wa wani matashi a ofis a ce ya ɗora a Facebook da Instagram da WhatsApp, ya ɗan rubuta wani abu a ƙasa. Wannan ɗan rubutun na ƙasan hoto, wanda masu harkar ke kira kafshan, shi ne abin da aka fi rainawa a duk shirin, alhali shi ne yake kai mutum ga biyan kuɗin tikiti ko ya hana shi.

Dalilin kuwa a fili yake. Rubutun da ke cikin fosta hoto ne, ba a iya danna linkin da aka zana a cikinsa ya buɗe. Idan intanet ba ta da ƙarfi, hoton yakan ƙi sauka gaba ɗaya, rubutun kaɗai ake gani. Makaho ma da ke amfani da manhajar da ke karanta masa allo, rubutun ƙasan ne ya fi tabbas ya ji. Saboda haka dole kafshan ya iya tsayawa shi kaɗai, ko da fostar ta ɓace a hanya.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata ƙungiyar masu harhaɗa magunguna za ta yi taro a Kano kan jabun magani, ranar 7 ga Nuwamba, 2026. Ga irin abin da aka saba gani:

"Assalamu alaikum. Cikin farin ciki da godiya ga Allah, kwamitin shirye-shirye a ƙarƙashin jagorancin shugabanmu yana farin cikin sanar da ɗaukacin mambobi da sauran al'umma cewa babban taron da aka daɗe ana jira ya ƙaraso. Manyan masana za su halarta. Rana: 7/11/26. A hanzarta yin rajista kafin a rufe. Linki yana sama."

Sallama da godiya ba laifi ba ne, kuma ba na cewa a yar da su. Matsalar ita ce wurin da suka cinye. Instagram yana ba da damar rubuta haruffa har 2,200, amma abin da yake nunawa kafin ya yanke bai wuce haruffa 125 ba a kan ƙiyasi, sauran sai wanda ya danna ya buɗe. Facebook da LinkedIn su ma suna yankewa bayan 'yan layuka. A wannan misali, mai karatu zai kai wurin yankewar bai san ko taron me ake yi ba, balle a wane gari. Layin farko wurin abu uku ne: taron me, a ina, yaushe. Sallama gajeriya tana iya zama a gaba, amma doguwar godiya ga kwamiti ta koma ƙasa, ko a bar ta sai ranar taro a faɗe ta a kan mumbari.

Sai batun rana. Mu nan muna fara rubuta rana kafin wata, don haka 7/11 a wurinmu 7 ga Nuwamba ne. Ba'amurke kuwa, ko ɗanmu da ya daɗe a can, zai karanta shi 11 ga Yuli. Wani zai ce a ƙara sunan ranar mako ya raba gardama. To a shekarar 2026 duka biyun, 11 ga Yuli da 7 ga Nuwamba, ranar Asabar suka faɗa, don haka ko an rubuta Asabar ba a warware komai ba. Sunan wata a rubuce da haruffa shi ne magani: Asabar, 7 ga Nuwamba, 2026. A kuma saka shekara, domin sanarwar bara takan farfaɗo a zaurukan WhatsApp ta riƙa yawo kamar sabuwa. Kafin a ɗora, a buɗe kalanda a tabbatar ranar mako ta dace da kwanan watan, don yawanci kuskuren yana faruwa ne idan an ɗaga taro aka gyara lamba aka manta da sunan rana.

Idan za a iya shiga taron ta Zoom, sai a faɗi agogon da ake nufi. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya ne. Amma ƙarfe 9 na safe a Kano ƙarfe 8 ne a Kumasi, ƙarfe 10 a Khartum, ƙarfe 11 a Makka. Kalmomi biyu, "agogon Najeriya", sun isa su hana mutum shiga bayan an gama jawabin da ya biya kuɗi dominsa.

A ganina wurin da aka fi tafka asara shi ne masu jawabi. "Manyan masana za su halarta" bai gaya wa kowa komai ba. Ma'aikacin da zai bar shagonsa ko asibitinsa yini guda, ya biya kuɗin mota da na tikiti, so yake ya san wa zai saurara kuma a kan me. Kowane mai jawabi yana bukatar suna cikakke, da muƙami ɗaya da ya shafi maganar da zai yi, da taken maganar a taƙaice. Muƙami ɗaya na ce, domin idan aka jera digirori da sarautu da lambobin yabo na mutum ɗaya, layi uku sun tafi. Amma wanda aka zaɓa a rubuta shi daidai. Kiran Farfesa da Dakta, ko rubuta sunan mahaifin mutum ba daidai ba, yana iya sa babban baƙo ya ƙi tura sanarwar ga mabiyansa, kuma turawar tasa tana cikin abin da ke kawo jama'a. Hanya mafi sauƙi ita ce a aika masa layin da ya shafe shi ya gani ya amince kafin a wallafa.

Akwai kuma bambanci tsakanin wanda aka gayyata da wanda ya amsa. An saba ɗora sunan gwamna ko minista tun wasiƙar gayyata ba ta ko isa ofishinsa ba. Ranar taro sai a ga wakili. Mutane ba sa mantawa, kuma baɗi idan an sake sanarwa za su tuna. Wanda bai tabbatar da zuwansa a rubuce ba, kada sunansa ya shiga. Idan masu jawabin sun kai goma sha biyu, a ambaci uku ko huɗu waɗanda sunansu ke jan mutane, sauran a same su a shafin rajista.

Ranar rufe rajista ita ce ke sa mutum ya motsa yau maimakon ya ce sai an jima. "Kafin a rufe" ba wa'adi ba ne. "Zuwa ranar Juma'a" ma yana barin tambaya: Juma'ar tana ciki ko ba ta ciki? A rubuta rana da sa'a: Juma'a, 30 ga Oktoba, ƙarfe 11:59 na dare. Kada a ce ƙarfe 12 na dare, domin wasu za su ɗauka daren da ya shigo da Juma'ar ake nufi, wasu kuma wanda ya fitar da ita. Idan akwai rangwame ga masu biya da wuri, to wa'adi ya zama biyu, kuma nan ake rikicewa, mutum ya ga ranar ƙarewar rangwame ya ɗauka an rufe rajista gaba ɗaya ya haƙura. Kowanne ya samu layinsa da kuɗinsa a gefe. Wa'adin kuma ya zama na gaskiya. Masu shiri suna bukatarsa don sanin adadin abinci da kujeru da takardun shaida, amma ƙungiyar da ke ƙara wa'adi sau uku duk shekara ta koya wa mambobinta su yi ta jira.

Linki kuwa, kowane dandali da halinsa. A Facebook da LinkedIn da X da WhatsApp, idan aka saka shi cikin rubutu ana iya dannawa. A kafshan na Instagram ba ya dannuwa, shi ya sa ake ajiye shi a bayanin da ke saman shafin mai asusu, a ce wa mutane su duba can. Kuskuren shi ne a kwafi wannan rubutu na Instagram a tura WhatsApp yadda yake. Can babu wani "sama" da za a duba, mai karatu ya tashi ba shi da hanya. A X kuma asusun da ba na biya ba haruffa 280 kawai gare shi, kuma kowane linki ana lissafa shi haruffa 23 komai tsawonsa, don haka a can sai a taƙaita masu jawabi zuwa ɗaya ko biyu. Lambar QR da ke jikin fosta tana da amfani a bango ko a allon majigi, amma wanda ke kallon fostar a wayarsa da wuya ya ɗauke ta da kyamarar wannan wayar.

Ga yadda sanarwar tamu za ta koma, da Wane da Wance a madadin sunaye:

```
Taron masu harhaɗa magunguna kan jabun magani
Kano, Asabar 7 ga Nuwamba, 2026, ƙarfe 9 na safe

Masu jawabi:
Farfesa Wance, jami'a kaza: gane jabu a kanti
Dakta Wane, asibiti kaza: kai rahoto ga hukuma

Tikiti: N15,000 zuwa Juma'a 16 ga Oktoba
N20,000 daga Asabar 17 ga Oktoba
Rufe rajista: Juma'a 30 ga Oktoba, 11:59 na dare

Rajista da biya: https://example.org/taro
```

A sanarwar gaske, sunan zauren taro da unguwarsa za su biyo bayan sunan gari, sannan lambar waya ɗaya ta mai amsa tambaya ta zo a ƙarshe. Idan taron yana ba da makin ƙarin ilimi da wasu hukumomin sana'a ke nema kafin sabunta lasisi, kamar yadda hukumar likitoci ta Najeriya ke yi, a faɗa a sarari, domin wasu wannan ne babban dalilin zuwansu.

A lura cewa kuɗin yana cikin rubutun. Wasu masu shiri suna ɓoye shi wai don mutum ya danna tukuna. Abin da ke biyo baya shi ne tambayar "nawa ne?" ta cika wayar sakatare, wasu kuma su yi zaton ya fi ƙarfinsu su wuce. Linkin ma ɗaya ne tak. Idan aka saka na fom daban, na biyan kuɗi daban, ga lambar asusun wani mutum a ƙasa, an buɗe wa 'yan damfara ƙofa, domin abu ne mai sauƙi wani ya kwafi sanarwar ya canza lambar asusu ya ci gaba da turawa. Ya fi aminci a yi biyan a shafin ƙungiya ta hanyar kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack ko Flutterwave ko Remita, a kuma rubuta cewa ba a karɓar kuɗi ta asusun kowa.

Yadda ake gane sanarwa ta gaza ba shi da wuya. Tambayoyin da mutane ke aikowa su ne ke nuna abin da ya ɓace: idan ana ta tambayar wuri, wurin bai fito ba. Idan mutane da yawa sun danna linki amma kaɗan suka biya, matsalar tana shafin rajista, wataƙila fom ɗin yana neman izinin shiga da mai shi kaɗai ke da shi, ko kuɗin da ke can ya saɓa da na sanarwa. Idan kai ne aka ɗora wa wannan aiki, kafin ka wallafa ka tura rubutun kaɗai, ba tare da fosta ba, ga wani da ba ya cikin kwamiti, ka ce ya yi rajista da wayarsa har zuwa wurin biya. Duk inda ya tsaya ya kira ka, wurin ne za ka gyara.