Wasiƙar Hukuma: Wa ke Magana, da Wa, ta Wace Hanya

Ɗalibin da aka tura koyon aiki a ofishin wani minista ko wata ma'aikatar gwamnati, galibi ba ya cika mako biyu sai an miƙa masa takarda a ce ya shirya amsa. Yakan ɗauka abin da ake son gwadawa shi ne ƙarfin Faransancinsa. Sau da yawa kuwa Faransancin yana da kyau, amma takardar ta dawo masa da jan biro ko'ina. Dalili shi ne, wasiƙar hukuma tana da ƙa'ida guda wadda ba a cika koyar da ita a aji ba: wanda ya tsara ta dabam, wanda ke magana a cikinta dabam, kuma kowace kalma ana auna ta ne bisa matsayin mai sa hannu da na wanda za a aika wa.

Tun samun ƴancin kai a 1960, da Faransanci ake rubuta takardun hukuma a Nijar, kuma tsarin rubutunsu gado ne daga mulkin Faransa. Dokar ƙasa da aka kafa a watan Maris na 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Saboda haka ɗan koyo Bahaushe yana tunani da harshe guda, yana rubutu da wani, kuma a tsakanin biyun ne mafi yawan kurakuransa ke fitowa.

A ɗauki misali. A ce ministan ilimi ya aiko wasiƙa daga Yamai zuwa ga daraktan ilimi na jihar Tawa, yana son a ba shi lissafin azuzuwan da ruwan damina ya ɓata, kafin a koma makaranta. Wasiƙar ba ta faɗa wa teburin darakta kai tsaye. Tana fara tsayawa a ofishin karɓar takardu, inda za a buga mata hatimin isowa, a rubuta ranar da ta zo, a ba ta lamba a rajistar shigowa. Daga nan darakta ya duba ta, ya rubuta a gefe sashen da zai ɗauki aikin, wani lokaci har da ƴan kalmomi kan irin amsar da yake so. Shugaban sashe shi ne zai miƙa wa ɗan koyo. Wannan ɗan rubutu na gefe shi ne umurnin da ɗan koyo zai yi aiki da shi, kuma wanda ya fara rubutu bai karanta shi ba, ya fara da ɓata.

Abin da ɗan koyo zai shirya daftari ne kurum. A sama ta hagu ya jera sunayen hukumomi daga babba zuwa ƙarami: Jamhuriyar Nijar, jihar Tawa, ma'aikatar ilimi ta jiha, sa'an nan sashen da ya tsara takardar. Ta dama ya sa sunan gari, ya sa muƙamin mai aikawa da na mai karɓa. Muƙami ake rubutawa ba sunan mutum ba, domin daraktan yau ana iya ɗauke shi gobe, amma wasiƙar tana nan tana jiran wanda ya gaje shi. Ƙasa da wannan sai layin batu, jimla guda gajeruwa, alal misali: lissafin azuzuwan da damina ta ɓata. Sai layin madogara, inda ake kawo lamba da kwanan watan wasiƙar minista, don magatakardan Yamai ya san fayil ɗin da zai haɗa amsar da shi. In akwai takardun da aka maƙala, a faɗi yawansu. Wurare biyu ne ɗan koyo zai bari fili, watau lamba da kwanan wata. Ba a sa su sai bayan an sa hannu, kuma ofishin takardu ne ke ba da lambar daga rajistar fita. Daftarin da aka sa wa ranar Litinin, darakta bai sa masa hannu ba sai Alhamis, dole a sake buga shi.

Wasiƙa guda, batu guda. Ɗan koyo mai ƙwazo yakan ga dama ta samu, ya ƙara sakin layi kan ƙarancin malamai. Wannan kuskure ne na aiki: a Yamai za a tura wasiƙar ga sashen gine-gine, maganar malamai kuwa ta kwanta a fayil ɗin da ba wanda ke kula da malamai zai buɗe.

Sai batun wanda ke magana. Duk inda aka ce « ni » a cikin wasiƙar, darakta ne, shi ne kuma zai amsa tambaya in adadin ya zama ba daidai ba. Idan rahotannin da suka zo daga gundumomi sun nuna azuzuwa 46, amma gunduma guda ba ta aiko nata ba, ba a rubuta cewa azuzuwa 46 suka lalace a jihar. A rubuta cewa 46 ne bisa rahotannin da suka iso, a ambaci gundumar da ta rage da lokacin da ake sa ran nata. Haka kuma ɗan koyo ba ya sa alkawari a bakin darakta, ba ya ɗora laifi a kan wani ofishi, sai in an umurce shi. Abin da yake shakka a kai ya rubuta shi a wata ƴar takarda dabam, ya maƙala wa shugaban sashe.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen gaisuwa da zaɓen aikatau. Wasiƙar Hausa tana buɗewa da gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tana tambayar lafiyar iyali, kana ta ce « bayan haka ». Wanda ya tashi da wannan tarbiyya yana jin nauyin ya faɗa wa babba magana ba sallama. Amma wasiƙar da ke tsakanin ofishi da ofishi ba ta da kiran suna a farko, ba ta da jimlar ban girma a ƙarshe. Waɗannan na wasiƙar da ake aika wa mutum ne a kan kansa, kamar ɗan kasuwa, ko shugaban ƙungiya, ko jakada. A tsakanin ofisoshi, ladabin duka an tara shi cikin jimlar buɗewa, J'ai l'honneur de, da aikatau ɗin da ke bin ta. Jimlar ɗaya ce ga kowa, babba da ƙarami, aikatau ne ke nuna wanda ke sama. Na ƙasa yana ba da rahoto, rendre compte, ko ya gabatar da shawara, ko ya nemi alfarma, solliciter. Na sama yana sanarwa, informer, ko ya buƙaci a yi abu. Daraktan Tawa ba ya « sanar da » minista, rahoto yake ba shi.

Akwai kalma guda da ta cancanci a dakata a kanta, ita ce prier. Ƙamus yana fassara ta da roƙo, kuma a Hausa roƙo daga ƙasa yake tashi: talaka ke roƙon sarki, ɗa ke roƙon uba. Ɗan koyo sai ya rubuta wa minista je vous prie de, yana jin ya ƙasƙantar da kai iyakar ƙasƙanci. A harshen ofis kuwa, in aikin da ake so a yi ne ya biyo bayanta, wannan jimla umurni ce cikin lallausan lafazi, irin wadda minista ke rubuta wa darakta. Kusan daidai take da Bahaushen basarake ya ce wa bafadensa « don Allah a kawo doki »: ba wanda ya ji ya ɗauka roƙo ne. Har jerin kalmomi yana da nauyi, gama masu tsananta ƙa'ida suna ɗaukar bien vouloir a matsayin lafazin na ƙasa, vouloir bien kuwa na mai ba da umurni. Hanyar gane kuskuren mai sauƙi ce: ɗan koyo ya karanta jimlar, ya tambayi kansa ko wanda aka aika wa yana da ikon cewa a'a. In jimlar ba ta bar masa wannan ƙofa ba, alhali shi ne babba, to a sake ta.

Hanyar da wasiƙa za ta bi ita ma ana rubuta ta a jikinta. Gwamna shi ne wakilin gwamnati a jiha, ma'aikatun jiha kuma suna ƙarƙashin kulawarsa, don haka a bisa ƙa'ida wasiƙar darakta zuwa ga minista tana ratsawa ta ofishinsa. Ana nuna wannan da haruffa biyu, s/c, a ƙarƙashin muƙamin mai karɓa. Wanda aka bi ta hannunsa yana iya rubuta ra'ayinsa, na goyon baya ko akasi, amma aikinsa shi ne ya miƙa ta gaba. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe, wanda ya san ba a shiga wurin sarki sai da iso, kuma mai unguwa ba ya tsallake hakimi. Bambancin kawai shi ne a ofis ison yana barin shaida a rubuce. Ƙa'idar ta shafi ɗan koyo shi kansa: in yana neman izinin kwana biyu ko takardar shaidar kammala koyo, ga shugaban ma'aikata zai rubuta, ta hannun shugaban sashensa. Wannan ce kaɗai irin wasiƙar da zai sa wa hannu da sunansa.

Idan daftari ya kammala, ana sa shi cikin babban fayil ɗin sa hannu tare da wasiƙar da ake amsawa da duk takardun da aka dogara da su, domin mai sa hannu ya iya bincike ba sai ya aika a nemo ba. Shugaban sashe ya duba, ya yi ɗan alamarsa, kana a kai wa darakta. In darakta ba ya nan, wani na iya sa hannu a madadinsa, amma ba yadda aka ga dama ba. Akwai wanda aka ba ikon sa hannu da takarda a rubuce kan wasu batutuwa ƙayyadaddu. Akwai mai riƙon ƙwarya, wanda ke sa P.I. Akwai wanda aka umurta ya sa hannu, shi kuma yana sa P.O. Ɗan koyo ba ya zaɓen ɗaya daga cikinsu da ka, sai ya tambayi sakatare abin da aka tanada.

Bayan sa hannu ne ake ba da lamba, a sa kwanan wata, a buga hatimi. Kwafi guda ya shiga fayil ɗin batun, guda ya shiga jerin wasiƙun fita da ake tarawa bi da bi, sauran a aika wa waɗanda aka lissafa a ƙasan takardar don su sani. Masinja yana fita da littafin miƙa takardu, wanda ya karɓa kuma ya sa hannu da rana. A yau wasiƙa takan riga masinja isa, domin ana ɗaukar hotonta da wayar hannu a tura. Wannan yana gaggauta aiki, amma ran da Yamai ta ce amsar Tawa ba ta zo ba, littafin masinja da rajistar shigowa za a buɗe, a nemi lamba da rana da hannun wanda ya karɓa.