Babi guda a shafi guda

Babin tunawa da mantuwa a littafin nazarin halayyar ɗan'adam yana da tsawo, amma ɗalibi na iya taƙaita shi cikin layi uku-uku: gwajin, sakamakonsa, rauninsa.

Ga misali. A 1974, Loftus da Palmer sun nuna wa ɗalibai 45 fina-finan haɗarin mota, suka tambaye su gudun motocin. Waɗanda aka tambaya da kalmar fashewa sun faɗi gudu mafi yawa fiye da waɗanda aka ce wa motocin sun taɓa juna. Rauninsa: kallon fim ba ya firgita mutum kamar haɗarin gaske.

Ebbinghaus kuwa, a 1885, ya nuna mantuwa ta fi sauri da farko, amma kansa kaɗai ya gwada.