Me Ya Sa Saƙo Ɗaya Yake Fitowa Sau Biyu?

Kana jan allon wayarka da yatsa, sai ka ga saƙon da ka karanta ɗazu ya sake bayyana. Ba laifin wayar ba ne.

Manhaja ba ta ɗauko dogon jeri gaba ɗaya daga sabar. Kaɗan-kaɗan take roƙa ta hanyar API, a ce 20 a kowane karo. Da ka kusa ƙarshe, sai ta ce a tsallake 20 na farko, a ba ta na gaba:

```
?limit=20&offset=20
```

To, a ce kana cikin karatu sabbin saƙonni 3 suka shigo sama. Kowa ya matsa ƙasa da gurbi 3, don haka na 18, 19 da 20 za su dawo maka. In kuwa goge wasu aka yi, wasu saƙonnin za su wuce ba ka gani ba, wannan ya fi damuna, domin babu alamar da za ta nuna maka.

Maganinsa shi ne manhaja ta riƙe lambar shaidar saƙon ƙarshe da ta karɓa, ta ce a ci gaba daga nan. Sai dai da wannan dabara ba ka iya tsallakawa kai tsaye zuwa shafi na 50.