Kafin Ka Taɓa Kalkuleta: Inda Maki Ke Zubewa a Jarrabawar Statiks

Statiks, darasin da ɗaliban injiniya ke haɗuwa da shi tun a ajin farko, ya ginu ne a kan ƙa'ida ɗaya: abin da ke tsaye cik, to duk ƙarfin da ke tura shi ya kashe juna, haka ma ƙarfin da ke neman juya shi. A takarda ana rubuta ΣFx = 0, ΣFy = 0, ΣM = 0. Kowa na haddace su, amma makin na zubewa tun a wajen zane.

Ga bim mai tsawon mita 6 da nauyin kilonyuton 6. An kafe shi da fin a gefen A, ya hau kan rola a gefen B, sannan an ɗora masa kaya na kilonyuton 12 a nisan mita 2 daga A. Aikin farko shi ne a zana bim ɗin shi kaɗai, a cire matokaransa, a sa kibiya a gurbin kowanne. Fin na hana motsi sama da gefe, don haka kibiya biyu gare shi. Rola kuwa gangarawa take yi, kibiyarta ɗaya ce tak. Wanda ya ba ta biyu ya jawo wa kansa abubuwa huɗu da zai nema da lissafi uku, kuma ba za su fita ba.

Sai a auna juyi daga A, domin ƙarfin fin ba shi da nisa daga nan:

B × 6 = (12 × 2) + (6 × 3) = 42

B ya zama 7, A kuma 18 − 7, wato 11. A gwada daga B: (12 × 4) + (6 × 3) = 66, a raba gida 6, a sake samun 11.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne manta nauyin bim ɗin kansa, wanda ke zaune a tsakiyarsa. Ɗalibi zai sami B = 4 da A = 8, ya gwada, ya ga komai ya yi daidai, ya miƙa takarda hankali kwance. Gwaji ba ya kama wannan, saboda lissafin da aka ɗora a kan zane yake dubawa, ba zanen ba. Maganinsa a koma kan tambayar, a ƙirga kowane ƙarfi da aka ambata, a nemo kibiyarsa.

Idan kayan ya zo a karkace, a ce digiri 30 daga jikin bim, rabinsa ne kawai ke danna ƙasa: 12 sin 30° = 6. Juyinsa 12 ne, ba 24 ba, kuma fin ne zai tare turin gefen, kusan 10.4.

In amsa ta fito da alamar ragi, kada ka goge ta. Tana nufin kibiyar ta juya baya ne. In kuma an ba ka nauyi a kilogiram, ninka shi da 9.81 ya koma nyuton kafin ya shiga zanenka.