Me Ya Sa Tallarki Ba Ta Isa Ga Masu Saye?

Wata mai atamfa ta kwashi lambobi daga zauren biki, ta yi ta aika hotuna ta WhatsApp Broadcast, amma shiru. Dalili shi ne, saƙon yana isa ne kawai ga wanda ya adana lambarki, kuma jeri ɗaya ba ya wuce mutum 256. Don haka tun wajen ciniki ki ce: "Hajiya, in riƙa turo miki sabbin kaya? To, adana lambata." Sau ɗaya a mako ya isa, da farashi a jiki. Wadda ta ce a daina, cire ta nan take, domin yawan ƙorafi na iya sa a rufe asusunki.